Kafin madara ta shiga tanki: awon tsami, sanyaya da biyan kuɗi bisa maiƙo a matattarar ƙauye

Wanda ya yi niyyar kafa matattarar madara a ƙauye, hankalinsa yakan fara tafiya ne kan tankin sanyi, don shi ne kayan da ya fi tsada, shi ne kuma ake nuna wa baƙi. Amma tanki ba ya gyara madara. Iyakar aikinsa ya tsayar da ita a halin da ta shigo. Garwa ɗaya da ta fara tsami, in aka juye ta cikin lita 500 na lafiyayyar madara, ba mai iya tsame ta kuma, asarar sai ta hau kan kowa har da waɗanda suka yi asubanci suka kawo tasu da tsabta. Saboda haka ainihin matattara tana kan teburin da ke bakin ƙofa, inda a cikin minti biyu ko uku ake yanke hukunci a kan kowace garwa: a karɓa ko a mayar, in an karɓa kuma nawa za a biya.

Madara tana fita daga hantsar saniya da ɗumin jiki, wajen digiri 37. A awa biyu zuwa uku na farko tana da ɗan garkuwarta ta halitta da ke danne ƙwayoyin bakteriya. Da wannan garkuwa ta ƙare, a yanayin zafi wasu ƙwayoyin kan ninka kansu duk bayan minti 20 zuwa 30, suna cin zaƙin madarar suna mayar da shi tsami. Shi ya sa ake son madara ta sauka zuwa digiri 4 cikin awa uku zuwa huɗu da tatsa. Wannan lissafin ne ya kamata ya zaɓi wurin da za a kafa matattarar, ba gidan mai faɗa a ji ba. Abin tambaya shi ne: wanda ya fi kowa nisa, awa nawa zai yi daga gama tatsa zuwa isowa, a ƙasa ko a kan babur, a lokacin da hanya ta fi lalacewa? In ya wuce awa biyu, ko dai a matso da wurin, ko a sa masa mai ɗauko. Bayan wannan sai ruwa mai tsabta da yawa, da hanyar da motar kamfanin da ke sayen madarar za ta iya shigowa duk shekara.

Ƙarfin sanyin da ake buƙata ma lissafi ne mai sauƙi, kuma rashin yinsa ya durƙusar da matattara da dama. A ce ana karɓar lita 500 da safe, wato kimanin kilo 515, kuma madarar tana isowa a digiri 33. Saukar da kilo ɗaya na madara da digiri ɗaya yana buƙatar a zare masa zafi kimanin kilojul 3.9. Daga 33 zuwa 4 digiri 29 ne, don haka zafin da za a zare ya kai kilojul 58,000. In ana so a gama cikin awa uku, sai injin da ke iya zare fiye da kilowat 5 na zafi ba tsayawa. In da ƙanƙara za a yi, kilo ɗaya nata yana shanye kilojul 334 kafin ya narke, wato ana buƙatar wajen kilo 175, ban da abin da zai salwanta. A nan ne masu amfani da sola sukan sha mamaki: madara tana zuwa da sassafe, rana ba ta yi ƙarfi ba, ko da yamma tana faɗuwa. Mafita ita ce tanki mai taskar ƙanƙara, wanda ke daskarar da ruwa da tsakar rana ya ajiye sanyin, sai a ci moriyarsa lokacin karɓa. Firjin gida kuwa, ko da mai daskarewa ne, ba a yi shi don wannan ba: gefen garwar zai yi ƙanƙara, tsakiyarta tana nan da ɗumi har ta tsinke.

Abu biyu ne ke yawan faruwa a tanki. In aka kunna injin sanyi madarar ba ta kai ga fankar da ke juya ta ba, sai ta daskare a gindin tankin. In kuma aka juye madarar yamma mai ɗumi a kan ta safe da ta riga ta yi sanyi, haɗin yakan haura digiri 10, ƙwayoyin da suka kwanta su farka. A duba ma'aunin zafi bayan kowane juyi, a rubuta a littafi.

Mu dawo bakin ƙofa. Awo na farko na hanci ne da ido. Ma'aikacin ya buɗe murfin garwa ya shaƙa nan take, kafin warin ya watse, ya duba launi, da ko akwai gashi, ƙuda ko jini. Ƙwararren hanci yana kama madarar jiya da aka gauraya da ta yau kafin a taɓa kowane sinadari. Amma hanci ba hujja ba ce da za a iya nuna wa mai kaya, shi ya sa ake bi da awon alkohol.

Ana ɗibar madara mililita 2 da sirinji a zuba a ƙaramar kwalbar gwaji, a zuba mata mililita 2 na itanol, wato alkohol ɗin awon, mai ƙarfin kashi 68 cikin ɗari, a girgiza a hankali, a karkata kwalbar. Lafiyayyar madara tana gangarowa sumul. Wadda ta fara lalacewa tana barin guda-guda a jikin gilashin, kamar an watsa gari. Dalili shi ne tsami yana raunana furotin ɗin madara, alkohol kuma yana janye masa ruwa, sai ya dunƙule. Irin wannan madarar ba za ta jure zafin da kamfani zai dafa ta da shi ba. Ana haɗa ruwan awon ta hanyar zuba mililita 28 na tataccen ruwa a kan mililita 68 na itanol mai ƙarfin kashi 96. Kwalbarsa kuma a riƙa toshe ta da kyau, don itanol yana tsanewa a iska. Ƙarfinsa na raguwa, sai ya riƙa barin madarar da ya kamata ya kama tana wucewa, ma'aikaci yana murna kowa ya ci jarrabawa, sai kamfani ya dawo da tankin gaba ɗaya. Wasu kamfanonin kan nemi a yi da kashi 72 ko 75, wanda ya fi tsanani, don haka a fara tambayar mai saye da wanne yake aunawa, a yi da irinsa ko abin da ya ɗara shi.

Sai dai a yi hattara da fassara sakamakon. Ba kowace madarar da ta tsinke a alkohol ce tsohuwa ba. Dakashin saniyar da ta haihu kwana biyu ko uku da suka wuce yana tsinkewa. Madarar saniya mai ciwon hantsa tana tsinkewa, haka ta wadda ta kusa ƙafewa. Madarar akuya kuwa, ko yanzu aka tatso ta, ba ta cika jure wannan awon ba, don haka bai dace da ita ba. Duk waɗannan, in ban da ta akuya, ba a zuba su a tanki, amma maganar da za a gaya wa mai kayan ta bambanta. Wanda aka ce masa ya kawo kwantai alhali saniyarsa ce ba lafiya, an ci masa mutunci a banza, kuma bai san ya nemi likitan dabbobi ba.

Abin da ke raba gardama shi ne auna tsamin da lamba. Ana zuba mililita 9 na madara a farin kofi, a ɗiga mata ɗigo uku ko huɗu na finolftalin, wani sinadari da ke sauya launi idan tsami ya mutu, sannan a riƙa ɗigo ruwan sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin 0.1 N daga bututu mai lambobi, ana juyawa, har wani ɗan ja-ja mai haske ya bayyana ya kuma ƙi ɓacewa. Hikimar ɗibar mililita 9 ita ce lissafin ya zo da sauƙi: abin da ruwan ya ci a raba shi gida goma. In ya ci mililita 1.6, tsamin kashi 0.16 ne cikin ɗari. Sabuwar madarar saniya tana tsakanin 0.14 da 0.17, kuma wannan ba lalacewa ba ce, daga furotin da gishirin jikinta ne. Madara mai kauri ma takan ɗan fi haka tun daga hantsa. Daga 0.18 zuwa sama an fara zargi. Alkohol mai kashi 68 ba ya cika kamawa sai an kai wajen 0.21, tafasa kuma ba ta tsinka madara sai ta haura haka. Ka ga ke nan akwai tazara: madara mai 0.19 za ta iya wuce alkohol, amma tana kan gangara. In motar kamfani sai gobe za ta zo, wannan ita ce garwar da za a yi tunani a kanta.

Lamba da ta yi ƙasa da yawa ita ma magana ce. Tsami 0.11 ko 0.12 yakan nuna an zuba ruwa, ko ciwon hantsa, ko an jefa soda don a kashe tsamin tsohuwar madara. Soda tana ɓoye lambar, amma ƙwayoyin suna nan birjik. Akwai kuma abin da duk waɗannan awon ba sa gani: ragowar allurar kashe ƙwayoyin cuta a madarar saniyar da ake yi wa magani. Wannan yana da takardar gwajinsa dabam, kuma yana iya hana tanki guda kama tsami a hannun mai yin yogot. Hanya mafi arha ita ce mambobi, wato masu kawo madara, su san kwanakin jira da ke rubuce a jikin kwalbar maganin, su kuma faɗi gaskiya ba tare da tsoron kora ba.

Madarar da ta wuce nan sai a tace ta, a ɗora ta a sikeli. Na fi son awo da kilo a kan awo da lita, don kumfa da lanƙwasasshiyar garwa suna yaudarar ido, sikeli kuwa ba ruwansa.

Yanzu ga inda ake ɓata zumunci: kuɗi. Mu ɗauki mutum uku da suka zo da safe, kowa da kilo 20. Ta farko shanunta masu tozo ne, nononsu kaɗan amma mai kauri, maiƙonsa kashi 5 cikin ɗari. Na biyu tasa kashi 4 ce. Na uku kilo 16 ya tatsa mai kashi 4, ya cika da ruwa kilo 4, maiƙon ya sauko 3.2. A ce kilo ɗaya kuɗinsa 100 ne, da kowane irin kuɗi ake ciniki. In farashi bai ɗaya ne, kowa zai karɓi 2,000. Na ukun ya sayar da ruwan rijiya a kan 400, ta farkon kuma ta ba da maiƙonta kyauta. Ba a daɗewa ake gane wannan. Cikin 'yan makonni mai kaurin za ta fara yaɗe maiƙon ta ajiye abinta, ko ita ma ta koyi hanyar rijiya, kuma ba za ka ce ta yi wauta ba, tsarin ne ya koya mata.

A sauya ma'aunin. A ce madara mai kashi 4 ita ce ta 100, wato kilo ɗaya na tsantsar maiƙo ya kama 2,500. Ta farko ta kawo maiƙo kilo 1, ta karɓi 2,500. Na biyu kilo 0.8, ya karɓi 2,000. Na uku kilo 0.64, ya karɓi 1,600, daidai abin da zai samu da ya kawo kilo 16 ɗinsa ba ƙari. Ruwan bai ƙara masa ko anini ba, wahalar ɗauka kawai ya sha. Jimillar abin da matattara ta biya kusan ɗaya ce, 6,100 a maimakon 6,000. Kuɗin ne kawai ya koma hannun mai shi. Wannan matsala ce ta sa Stephen Babcock ya fito da awon maiƙonsa a Wisconsin a 1890, Niklaus Gerber kuma ya fito da nasa a Suwizalan jim kaɗan bayan haka. Ƙungiyar makiyayan Anand a Indiya, wadda aka kafa a 1946, a kan wannan ginshiƙi ta ginu: a auna maiƙon kowa a ƙauye, a biya shi a kan abin da aka gani.

Awon Gerber har yau shi ne abin dogaro a ƙananan wurare. Ana zuba mililita 10 na asid ɗin salfurik mai ƙarfin kusan kashi 90 a wata siririyar kwalba mai dogon wuya da lambobi, wadda ake kira butiromita. A hankali a gangaro da madara kimanin mililita 11 ta jikin gilashin don kada ta ƙone, a ƙara mililita 1 na amil alkohol, a toshe, a girgiza har farin ya narke. Kwalbar za ta yi zafi ƙwarai, sai an riƙe da tsumma, fuska kuma da tabarau. Sai a sa a injin juyi minti biyar yana zagaye kusan 1,100 a minti, a tsoma a ruwa mai digiri 65 na wasu mintoci, a karanta tsawon maiƙon a wuyan kwalbar. Lafiyayyen sakamako ruwan zinariya ne garau. In ya yi baƙi-baƙi, asid ɗin ya yi ƙarfi ko madarar ta yi ɗumi. In fararen gudaji suka taru a ƙasansa, asid ɗin ya yi rauni ko ba a girgiza sosai ba. Akwai na'urorin lantarki da ke ba da lamba cikin minti ɗaya, kuma sun fi dacewa da dogon layi, amma suna kaucewa daga daidai in ba a wanke su kullum ba, don haka a riƙa gwada su da Gerber lokaci zuwa lokaci.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa ba a kwalba yake ba, a ɗibar samfur yake. Maiƙo yana tasowa sama in garwa ta zauna ko da rabin awa ne. Wanda ya ɗiba daga sama zai iya ganin kashi 7 a madarar da ba ta wuce 4 ba, wanda ya ɗiba daga ƙasa ya ga 2.5. Sai an zura maburgin ƙarfe mai faifai a yi sama da ƙasa sau goma ko fiye kafin a ɗiba, kuma a gaban mai kayan. Su ma mambobi su san cewa lambar takan motsa ba tare da an cuci kowa ba: madarar ƙarshen tatsa ta fi ta farko maiƙo nesa ba kusa ba, don haka wanda ya bar wa maraƙi ƙarshen hantsa zai ga lambarsa ta sauka. Garwar da ba ta cika ba kuma, in ta sha girgiza a hanya da zafi, maiƙon yakan dunƙule ya manne a murfi, ya tsere wa awo.

Biya bisa maiƙo kaɗai yana da ramukansa. Ruwan na ukun nan bai ci riba ba, amma matattara ce za ta sanyaya shi ta biya kuɗin motarsa, ga dattin da ya shigo da shi. Sannan madara ba maiƙo ce zalla ba, akwai furotin da zaƙi da gishiri, waɗanda mai yin cuku ko garin madara ya fi damuwa da su. Mai shanun da ke ba da madara da yawa mai kashi 3.5 ba mazambaci ba ne. A nan laktomita take shigowa, wato ma'aunin da ke iyo a cikin madara yana nuna nauyinta. Madarar kirki tana nuna 26 zuwa 32, ruwa yana saukar da lambar. Laktomitar da aka saita a digiri 20 ana ƙara mata 0.2 a kan kowane digiri da madarar ta haura 20. Madarar da ta nuna 25.5 a digiri 30, gaskiyarta 27.5 ce, kuma ma'aikacin da ya manta da wannan gyaran zai kira mutumin kirki ɓarawo. Ya fi kyau a sanyaya samfurin ya kusanci 20 kafin a karanta. Laktomita ita kaɗai kuma ana iya yaudararta, don yaɗe maiƙo yana ɗaga lambar, zuba ruwa yana sauke ta, mai wayo sai ya yi duka biyun. Haɗa ta da awon maiƙo ne ke toshe wannan kafa, ta wannan lissafi na laktomitar digiri 20:

```
SNF = L/4 + 0.22F + 0.72
```

L ita ce lambar laktomita bayan gyara, F maiƙo, SNF kuma daskararrun da ba maiƙo ba, wato furotin da zaƙi da gishiri. Na biyu, mai L 30 da F 4, ya samu 9.1. Na uku, da L ta sauko 24, F 3.2, ya samu wajen 7.4, alhali ƙa'idar ƙasashe da yawa ga madarar saniya tana wajen 8.5. An kama shi da lamba, ba da zato ba. Tsarin da na fi yarda da shi ga ƙaramar matattara shi ne a biya bisa maiƙo, a sa iyakar SNF da in an gaza ta za a mayar da garwar, a rubuta jadawalin farashin da manyan lambobi a bango yadda kowa zai iya lissafa nasa.

Saura lissafin da ke nuna ko matattarar za ta rayu. Kowace rana a haɗa kilon maiƙon da aka biya mutane, a gwada da wanda aka auna a tanki bayan an juya shi sosai, da kuma wanda kamfani ya rubuta. In ma'aikaci yana yi wa kowa alfarmar ƙarin 0.2 a lambar maiƙo, a kilo 500 ya zama maiƙo kilo ɗaya da aka biya ba a karɓa ba, 2,500 kullum, 75,000 a wata. In kuma tanki ya riƙa fin littafi, to mambobi ake ƙwara. Ɗan bambanci ba makawa, saboda abin da ke mannewa a garwa da mataci, amma bambancin da ke karkata gefe ɗaya kullum yana nufin a duba maburgi, ko asid, ko na'ura, ko mai riƙe da alƙalami. Kuɗin man janareto, sabulun wanki da albashi kuwa a cire su a fili, kaso sananne a kan kowane kilo, kada a ɓoye su cikin rage wa mutane lambar maiƙo. Kuma a riƙa ajiye ragowar samfurin kowa a sanyi, da lambarsa a jikin kwalba, har zuwa washegari, don in wani ya ce bai yarda da 3.6 ɗinsa ba, a sake aunawa yana tsaye yana kallo.